Ciniki na mutum biyu, wahala ta na uku: wace kalma za mu ba shi?

Malama daga Arkilla: Assalamu alaikum. Ina koyar da tattalin arziki a babbar sakandare, kuma akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya. Turawa na ce mata ekstanaliti, mai cutarwar nake nufi. Idan na faɗe ta da Turanci yara su haddace su rubuta a jarrabawa, amma in na ce su kawo misali daga unguwarsu sai ido. Ma'anarta dai ita ce mutum biyu su yi cinikinsu, kowa ya gamsu, amma wahalar cinikin ta faɗa kan wani na uku da bai saya ba, bai sayar ba, ba a kuma biya shi komai ba. Me za mu kira wannan da Hausa?

Ɗan Runjin Sambo: Wa'alaikumus salam Malama. Ai wannan gurɓatar muhalli ce, kullum ana faɗarta a rediyo. Me ya rage kuma?

Malama daga Arkilla: Ƙanena, gurɓatar muhalli misali ɗaya ce daga ciki. Mai tifa da ya yi lodi fiye da ƙima ya farfasa kwalta, shi da mai yashi sun ƙaru, masu mashin su ke sayen taya. Babu hayaƙi a nan, amma abin nan ne dai.

Mazaunin Mabera: Ni wagga magana a gida take same ni. Akwai injin casar shinkafa bayan gidanmu, ba ni faɗin na wa ne. Buntu suka tarawa kamar dutse su cinna mai wuta, kuma buntu ba ya ci da harshe, cin ciki yaka yi, kwana da kwanaki shina hayaƙi. Shanya ba ta yiwuwa, tsohuwarmu ga tari. Mun yi magana, mai injin ya ce shi halas ɗinai yaka nema. Ni sunan da na sani guda na: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Dakta, mai koyarwa a jami'a: Allah ya ba Inna lafiya. Karin maganar ta yi kusa ƙwarai, sai dai kura tana cikin wasan, da ita ake neman kuɗin. Ta fi dacewa da leburan da ake cuta a cikin injin. Ku kuwa ba ku cikin wasan sam, hayaƙi ne ya biyo ku har ɗaki.

Bari in ari injin nan in yi lissafi, domin sai an ga inda kuɗin ya ɓace kafin a san sunan da ya dace. Alƙaluman nawa ne, na misali. A ce yana casa buhu 50 a rana, kowane buhu a kan naira 3,000. Gas, leburori da gyaran inji suna cin 2,400, ribarsa 600 ke nan a buhu, 30,000 a rana. To a ce gidaje 20 ne hayaƙin ke shiga, kowane gida yana asarar kamar 1,000 a rana, tsakanin maganin tari, sake wanki, da mai abincin sayarwa da masu saye suka guje wa. Wannan 20,000 ce, wato 400 a kowane buhu. Ainihin abin da casar buhu ɗaya ke ci 2,800 ne, amma a littafin mai inji 2,400 aka rubuta. Ita 400 ɗin ba ta ɓace ba, an biya ta, mutanen Mabera ne suka biya. Mai shinkafa ya samu casa da araha, mai inji ya samu riba mai kauri, kuma kowannensu zai iya rantsuwa bai ci kuɗin kowa ba.

Ku lura, ko da an ɗora masa 400 ɗin, yana da sauran 200 a buhu. Saboda haka maganin ba lallai rufe injin ba ne. In kwashe buntun a kai wa masu kiwon kaji ko masu gasa bulo zai ci 10,000 a rana, to 200 ce a buhu, rabin abin da maƙwabta ke asara. Bai yi ba ne kawai don ƙonawa kyauta ce a wurinsa. Wannan shi ne abin da Baturen Ingila Arthur Pigou ya yi bayani a 1920: a sa wa mai cutar haraji daidai da cutar, sai shi da kansa ya nemi hanya mafi sauƙi. Amma a kan ƙonawar ake sa harajin. In aka sa a kan kowane buhu, ya ƙona ko bai ƙona ba, zai biya ya ci gaba da cinna wutarsa.

Kalmar da muke nema dole ta ɗauki abu uku: akwai na waje, akwai asara, kuma asarar ba ta shiga farashi ba.

Ɗan Runjin Sambo: To a ce tsadar ɓoye mana.

Mazaunin Mabera: Ɓoye ga wa? Ni da nika shaƙa?

Baba, tsohon magatakardan kotu: 'Ya'yana, kun tafi Ingila neman abin da ke cikin zaure. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da babin nan, sunansa darari, a kan hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. A littafin fiƙihu na Muhtasar an kawo hayaƙin gidan wanka da warin jima cikin abin da ake hana mutum ya yi wa maƙwabci. Sakkwato kuwa garin jima ne, ba mu rasa sanin warin ba. Kuma akwai bambanci mai kyau da littafin Tuhfa ya kawo: in mutum ya gina gidan gasa burodi hayaƙinsa ya dami maƙwabci, a hana shi. In kuwa ya gina shi kusa da wani mai gasa burodin, cinikin wancan ya ragu, babu hani. Ni a ganina ku ce cutar maƙwabtaka ku huta.

Dakta: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan bambancin na burodi da burodi shi ne wanda ɗalibaina ke faɗuwa a kai duk shekara. Sabon inji ya buɗe ya janye wa tsoho masu casa, sai su ce ga na uku ya cutu. A'a, wannan ta cikin farashi ta bi, abin da tsohon ya rasa masu shinkafa sun same shi a rahusa. Gasar kasuwa ce. Hayaƙi kuwa babu wanda ya tsinci abin da kuka rasa.

Inda na tsaya da shawarar Baba shi ne kalmar maƙwabci. Ruwan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano ya bi kogi ya sami manomi da masunci da ba su taɓa ganin ƙofar masana'antar ba. Wani lokaci ma wanda zai biya ba a haife shi ba tukuna.

Baba: Maƙwabtaka har gida arba'in aka ce, amma na yarda ba ta kai bakin kogi ba.

Hajiya daga Gidan Igwai: Ku gafarce ni, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba lissafi na sani ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 fa? A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta, ana niƙa dutsen zinariya a cikin gari, ashe akwai dalma a ciki, yara fiye da 400 suka rasu. Dillali ya sayi zinariya ya tafi. Wannan wane suna za ku ba shi in ba zalunci ba?

Dakta: Hajiya, misalin ya shiga, musamman yaran gidajen da ba sa haƙar komai, ƙura ta same su a tsakar gida da wurin wasa. Amma shi ne ma ya nuna dalilin da ya sa zalunci ba za ta zama kalmar ba. Da yawa daga masu niƙan 'ya'yansu ne suka mutu, ba su san me ke cikin ƙurar ba. Abin yana faruwa da mugunta, yana faruwa da rashin sani. In muka sa hukunci a cikin sunan, yaro zai zaci duk inda babu mugu babu matsalar.

Ɗan Runjin Sambo: Zama da maɗaukin kanwa? Kai ba ka ɗauka ba, kanka ya yi fari.

Malama daga Arkilla: Wannan ta burge ni, amma an riga an san ta da maganar abokan banza, yara can za su kai ta. Sai dai ka tuna mini wani abu. Da damina in kana tafiya gefen titi mota ta wuce ta fallatsa maka taɓo, direba da fasinja sun yi cinikinsu, kai ne za ka sayi sabulu. Direban bai nufe ka ba, wataƙila bai ma gan ka ba. Me zai hana mu ce fallatsin asara?

Dakta: Malama, kin kamo ta. Tana nuna na gefe, ba ta tuhumar niyyar kowa, kuma tana juyuwa: fallatsin amfani ga kishiyarta, kamar mai zuma da ƙudansa ke barbarar gonar wani. Ana iya gina magana a kanta, a ce harajin fallatsi, ko a ce mayar da fallatsi cikin farashi. Rauninta ɗaya, ba ta faɗi da bakinta cewa ba a biya diyya ba. In mai inji ya zauna da mutanen Mabera suka amince yana biyan kowane gida 1,000, hayaƙin na nan, amma ya riga ya shiga littafinsa.

Baba: Kishiyar tana da suna tun kaka da kakanni, albarkaci. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Kada ku ƙirƙiro abin da muke da shi. Fallatsi kuma ni ya yi mini sauƙi, abu ne da ake wankewa. Dalmar da Hajiya ta faɗa ba ta wankuwa daga ƙwaƙwalwar yaro.

Hajiya daga Gidan Igwai: Ina bayan Baba a nan.

Malama daga Arkilla: Na karɓi albarkaci hannu biyu. Ɗayar kuma zan gwada fallatsin asara a aji ranar Litinin, in ba su lissafin injin Dakta, sannan in tambaye su labarin burodi da burodi in ga ko za su rarrabe. In ce musu cutar maƙwabtaka ita ce sunanta a wurin malaman fiƙihu. Zan dawo in faɗa muku wadda ta zauna a bakinsu.

Mazaunin Mabera: Dakta, wanga lissafi na kwashe buntu, ka rubuto man shi a takarda. Gobe bayan azahar za mu ga mai unguwa.