Naɗar allo ko bidiyon allo? A taimaka mana da suna

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara umarnin da ake ba wanda zai kai ƙarar matsalar manhaja, sai na maƙale a wuri ɗaya. Hoton allo dai mun riga mun saba da shi. To me za mu kira wanda ake ɗauka yana motsi, wato abin da waya ke rubutawa Screen record? Ina da biyu a hannu: naɗar allo da bidiyon allo. Bari in ba da misalin da nake son kalmar ta yi wa aiki. Mutum ya cike fom a manhaja, ya ɗora hotonsa, ya danna Submit. Wani jan rubutu ya gifta a sama ya ɓace, fom ya koma fayau. In ya turo hoton allo, ko dai cikakken fom za ka gani ko wanda babu komai, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana tsakaninsu.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, wa zai ce naɗar allo? Kowa sikirin rekodin yake cewa. A bar shi haka kawai, kamar yadda muka bar bidiyo da rediyo.

Malam Mai Nahawu: Auta, rabin maganarka gaskiya ce, aro ba laifi ba ne. Amma bidiyo kalma ɗaya ce da ta zauna a baki. Sikirin rekodin kuwa biyu ne, kuma jerinsu ba irin namu ba ne, mu abin da ake yi muke fara faɗa. Ni naɗa nake goyon baya. Tun zamanin kaset muke cewa an naɗi murya, an naɗi wa'azi, saboda zaren kaset naɗewa yake yi. Zaren ya tafi, kalmar ta zauna. Kuma naɗa tana nuna abu mai ɗaukar lokaci, yana da farko yana da ƙarshe, wanda shi ne ainihin bambancinsa da hoto.

Hajiya Mai Ɗinki: Ni dai da na ga naɗar allo sai na ɗauka rawani za a ɗaura wa allon. Amma bidiyon allo na gane, ina ma yi. Aron wayar 'yata nake yi in haska tawa da ita in tura wa mai gyara.

Injiniya: Hajiya, abin da kike yi daban ne, kuma kin fito da abin da ya sa nake ɗari-ɗari da bidiyon allo. Wanda ake nufi a nan, wayar ce da kanta take kwafe abin da ke fuskarta, babu kyamara a ciki. A Android kina jawo labulen sama sau biyu ki nemi Screen record, ya shigo cikin tsarin ne daga Android 11 a 2020, ko da yake wasu kamfanonin waya sun riga sun saka nasu. A iPhone yana cikin Control Center tun iOS 11 a 2017, yana ƙirga uku sannan ya fara.

Bari in koma kan misalin Mai Fassara, don a nan amfanin yake. A ce ana ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa. Jan rubutun da ya tsaya rabin daƙiƙa kacal ya shiga hotuna kamar 15 ke nan. Yatsa ba zai riske shi ba, amma a bidiyo sai ka tsayar, ka ja a hankali har ka tsaya a kansa, ka karanta. Wataƙila ka tarar an rubuta File too large, ka ga ba fom ɗin ne ya lalace ba, hoton da aka ɗora ne ya yi nauyi. Daga nan ma sai ka ɗauki hoton allo na daidai wurin ka haɗa da bidiyon, mai gyara ya huta da nema.

Inda mutane ke ɓata abin shi ne su fara ɗauka bayan matsalar ta riga ta faru. Ka koma mataki ɗaya ko biyu baya, ka kunna, ka yi abin yadda ka saba, in ya faru ka dakata kaɗan sannan ka tsayar. Daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa. Kuma a Android, kafin ka fara, ka kunna Show touches on screen. In ba haka ba mai kallo zai ga shafi yana canjawa bai san inda ka taɓa ba, ba zai iya bambance maɓallin da aka danna ya ƙi da wanda ba a danna ba sam.

Hajiya Mai Ɗinki: To ɗana, na gwada yanzu a manhajar banki, baƙi ƙirin ya fito. Wayata ce ta lalace?

Injiniya: Lafiyarta lau, Hajiya. Da gangan masu irin waɗannan manhajoji ke toshewa. A Android akwai alamar da suke sakawa, `FLAG_SECURE`, tana hana hoton allo da bidiyon duka. A nan dabararki ta wayar 'yarki ita ce mafita. Haka ma in wayar daskarewa take yi ko tana mutuwa ta tashi, don abin da take ɗauka kan tafi tare da ita. Sai dai ki rufe lambar asusu da yatsa, kuma kada ki fara sai kin gama shigar da lambar sirri. Wannan gargaɗin ya shafi kowa: ɗigo-ɗigon da ke rufe lambar sirri ba su hana a ga harafin da ya ɗago a madannai lokacin da aka taɓa shi. A kunna Do Not Disturb kuma, kada saƙon wani ya faɗo tsakiyar ɗauka.

Mai Fassara: Na gode, Injiniya. Ka ga ke nan ina bukatar suna biyu. Wanda waya ke yi da kanta, da wanda ake yi da wata waya. In na rubuta "turo bidiyon allo", wasu za su yi irin na Hajiya, rubutu ya fito dishi-dishi da walƙiyar fitila.

Malam Mai Nahawu: To an zo wurin. Aikin a kira shi naɗar allo: "ka naɗi allon wayarka". Abin da ya fito a kira shi bidiyon allo: "ka turo bidiyon allon". Na Hajiya kuwa ɗaukar allo da wata waya. Fi'ili daban, suna daban, babu mai shiga gonar wani.

Ɗan Autan Zaure: Allah ya gafarta Malam, ni allon ma bai kwanta mini ba. Fuskar waya muke cewa. Allo sai ka ji kamar na makaranta.

Malam Mai Nahawu: A waya fuska ta dace. Amma a kwamfuta fa? Kuma ka gwada cewa "naɗar fuska" ka ji inda hankalin mutane zai tafi.

Injiniya: Tunda an ambaci kwamfuta: a Windows 11 `Win + Shift + R` yana buɗe Snipping Tool ka zaɓi yankin da kake so, a Mac kuma `Shift + Command + 5`. Wani abu ɗaya, Mai Fassara, ka saka a umarninka cewa in ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin Document. In an tura shi a matsayin bidiyo kawai yana matse shi, ƙananan rubutu su narke, jan saƙon da aka sha wahalar kamawa ya ƙi karantuwa.

Mai Fassara: Na saka. A wannan fassarar zan tafi da rabon Malam, amma a karon farko da kalmar ta fito zan rubuta Screen record kusa da ita, tunda shi mutum zai gani a wayarsa.

Ɗan Autan Zaure: Ni dai har yanzu fuskar waya nake cewa. A jira a ji ta bakin masu karanta labarai a rediyo.

Hajiya Mai Ɗinki: Injiniya, ina ake kashe shi? Jan ɗigon nan har yanzu yana sama.