Sawun buƙata yana yankewa a Kafka: ta yaya zan bi shi har ƙarshe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wasu buƙatun biyan kuɗi suna dawo mana da `504`, amma idan na buɗe Jaeger sai in ga sawun ya tsaya a sabis ɗin oda, daidai inda yake tura saƙo Kafka ya zauna jiran amsa. Muna amfani da OpenTelemetry. Ina zan fara dubawa?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka sa `X-Request-ID` tun daga ƙofar shiga, kowane sabis ya rubuta shi a log ɗinsa, sannan ka nemo shi da `grep`. Mu da haka muke aiki.

Amsa ta biyu: Malam, lambar za ta tattaro masa layukan log, amma ba za ta nuna wanda ya kira wani ko inda lokaci ya tafi ba, kuma ita ma a Kafka za ta ɓace muddin ba a saka ta cikin saƙon ba. Mai tambaya, fara da duba hedojin saƙon ƙarshe:

```
kcat -C -b kafka:9092 -t biya -o -1 -e -f '%h\n'
```

Abin da kake nema shi ne `traceparent`, mai siffa kamar haka:

```
00-4bf92f3577b34da6a3ce929d0e0e4736-00f067aa0ba902b7-01
```

Kashi na biyu, mai haruffa 32, shi ne lambar sawun gaba ɗaya, wadda ba ta canzawa daga sabis zuwa sabis, na uku kuwa lambar matakin da ya aiko saƙon ce, na ƙarshe kuma `01` ne idan za a adana sawun, `00` idan ba za a adana ba. Idan babu hedar, mai aikawa ne bai yi `inject` ba. Idan tana nan amma log ɗin sabis ɗin biya yana nuna wata `trace_id` dabam, to mai karɓa bai yi `extract` ba, ya buɗe sabon sawu, kuma rabin labarinka yana can cikin Jaeger ƙarƙashin wata lamba.

Amsa ta uku: Ni tawa matsalar ɗaukar samfuri ce. Kashi 10 cikin 100 muke adanawa, saboda haka yawancin buƙatun da suka faɗi da `00` hedarsu ke ƙarewa, babu su a Jaeger, sai da muka koma `tail_sampling`.

Amsa ta biyu: Hajiya, wannan gaskiya ne, sai dai shi yana ganin rabin sawun, wanda ke nufin an adana shi.

Mai tambaya: Na duba, hedar tana nan, kuma da `01` ta ƙare. Sabis ɗin biya yana kwasar saƙonni da yawa a lokaci guda, ya miƙa su ga wani zare, ina zaton a nan lambar take zubewa. To, matakin mai karɓa ya zama ɗan na mai aikawa, ko in haɗa su da `link`?

Amsa ta biyu: Idan kana buɗe mataki ga kowane saƙo, ka mai da shi ɗa, tunda ana jiran amsarsa. Idan mataki ɗaya ne ga dukan tarin, `link` ne kaɗai zai yi, domin mataki ba ya da uba biyu.

Amsa ta uku: Da `link` ɗin fa sawu biyu zai riƙa buɗewa kafin ya ga buƙata ɗaya, ni ban ga sauƙin hakan ba.