An ce saura 1,800,000, a banki kuma 900,000 ne

Sakatare Bala: Salamu alaikum 'yan zaure. Mun fitar da rahoton asusun ginin ɗakin taronmu: an tara 5,000,000, an kashe 3,200,000. Wani dattijo ya nemi takardar banki, sai ga 900,000 maimakon 1,800,000. Wallahi ba wanda ya ci ko sisi, amma an fara ƙus-ƙus. Ina mafita?

Ummi: Ku ɗauki hoton duk rasit ku tura wa mutane, magana ta ƙare.

Hajiya Rabi: Ummi, rasit abin da ya fita kawai yake nunawa, ni kuwa ina zargin matsalar tana wajen shiga. Malam Bala, cikin miliyan biyar ɗin nan har da alƙawuran ranar ƙaddamarwa?

Sakatare Bala: Har da su, Hajiya. Akwai 600,000 da ba a cika ba tukuna. Sai siminti da wani ya kawo, muka yi masa kuɗi 250,000.

Hajiya Rabi: To ka ga inda gizo ke saƙa. Alƙawari ba kuɗi ba ne sai ya shigo hannu, ku ba shi shafinsa daban. Simintin kuma kun rubuta shi a shiga, ba ku rubuta shi a fita ba, alhali ya riga ya zama bulo. Gara ku lissafa shi da buhu: nawa aka kawo, nawa aka yi aiki da su, nawa ke sito. Idan ka cire biyun, tsabar kuɗin da ya shigo 4,150,000 ne. A debe 3,200,000, saura 950,000. Yanzu 50,000 kaɗai za ka nemo. Duba cajin banki, ka tambayi ma'aji ko akwai 'yan canji a hannunsa, ko an ba magini kafin alƙalami ba a rubuta ba.

Ɗanlami: Mu a namu ginin magini ne ya gudu da kuɗin rodi. Kada ku yarda ku biya kafin aiki!

Sakatare Bala: Allah ya kyauta, amma namu yana nan, ya kai linta.

Hajiya Rabi: Wannan ma ku sa a rahoton. Ku raba kashe kuɗin bisa matakin aiki, harsashi kaza, bulo zuwa linta kaza, ku faɗi abin da rufi ke buƙata. Ragowar wannan wata ita za ta buɗe rahoton wata mai zuwa, kuma wanda ba shi da hannu a cire kuɗi ya duba ya sa hannu.

Ummi: Sunayen masu bayarwa fa? Wasu ba sa son a ambace su.

Hajiya Rabi: A sa lambar rasit da adadin, kowa zai gane nasa.

Ɗanlami: Ni dai ban gamsu ba, Hajiya. Lamba ba ta jan kunnen wanda ya yi alƙawari a bainar jama'a ya yi shiru.

Sakatare Bala: Wannan sai kwamiti ya zauna. Bari in kira ma'aji kan dubu hamsin ɗin.