'Yata ta kusa shekara 15 ba ta fara al'ada ba: a jira ko a je asibiti?

Maman Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. 'Yata ta fari tana da shekara 14 da wata 8, ta fara ƙirgar dangi tun tana shekara 12, jikinta kuma ya cika kamar na sa'o'inta, amma har yau ba ta ga jinin al'ada ba. Wata huɗu ke nan a jere tana fama da ciwon mara na kwana uku zuwa huɗu, ya lafa, sannan ya dawo bayan kimanin wata guda. Surukata ta ce a dangin mahaifinta haka suke jinkiri, ta kuma ce idan abin ya daɗe a kira wanzami ya duba ko angurya ce. Ina roƙon duk wadda ta taɓa ganin irin wannan ta gaya mini yadda ta kaya.

Hajiya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin ni kaina sai da na shekara 16 na fara, haka ƙanwata, kuma dukkanmu mun haihu lafiya. Jinkiri gado ne, maganar surukarki tana kan hanya. Batun wanzami ne kawai ban goyi baya ba.

Gwaggon Yara, Kawo:
Hajiya, ki gafarce ni, amma ciwon marar da yake dawowa duk wata shi ne ya hana ni yin shiru, domin irin haka ne ya faru da 'yar yayana da nake riƙo. Tana shekara 14 ta fara wannan ciwo, muka riƙa sayo mata maganin kashe zafi a kemis, mun ɗauka alamar zuwan al'ada ce. Mun shafe wajen wata bakwai a haka. Daga baya marar ta yi tudu har wasu maƙwabta suka fara tsegumin ko ciki ne, abin da ya sa yarinyar ta daina fita, sai wani dare fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya tana ta murƙususu, muka kwashe ta zuwa asibiti.

Da farko sun sa mata roba suka zuƙe fitsarin, suka yi gwajin ciki ya nuna babu komai. Likitar mata ta duba ta daga waje kawai, ba ta sa wani ƙarfe ba, ta ce tantanin budurcin ne aka haife ta da shi a toshe, babu ƙofa ko kaɗan, har ya kumburo ya yi duhu-duhu saboda jinin da ke bayansa. Hoton mara ya tabbatar da hakan. Ashe duk watannin nan tana yin al'adarta, jinin ne ba shi da hanyar fita, yana taruwa har ya danne mafitsara. An yi mata ɗan ƙaramin aiki a ɗakin tiyata bayan an sa ta barci, tsohon jini baƙi mai kauri ya fita da yawan da ya ba ni tsoro, washegari aka sallame mu, kuma wata na zagayowa ta ga al'adarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne watannin da muka ɓata muna ba ta ƙwaya.

Maman Ɗalibai, Barnawa:
Tawa ma haka take. Ta fara tana shekara 13, ta yi sau biyu, sai ta yi wata uku ba ta gani ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Malali:
Maman Ɗalibai, taki daban ce, domin ita ta riga ta fara, kuma tsallaken wata a shekarar farko da ta biyu abu ne da ake yawan gani, kodayake idan ya wuce wata uku yana da kyau a duba ta. Tambayar nan ta wadda ba ta taɓa gani ba ce.

Na daɗe a ɓangaren mata, kuma abin da muke fara tambaya ba shekaru kaɗai ba ne, muna tambayar yaushe nono ya fara fitowa. A mafi yawan yara al'ada tana zuwa bayan shekara biyu zuwa uku da ƙirgar dangi. Saboda haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta gani ba, ko wadda ta shekara uku da fara ƙirgar dangi shiru, ta cancanci bincike, haka nan wadda ta kai 13 ƙirjinta bai motsa ba sam. Maganar Hajiya gaskiya ce cewa akwai jinkiri na gado, amma a irinsa komai ne yake makara tare, da tsayi da nono da al'ada, kuma ba ya zuwa da ciwon mara duk wata. Ke kuwa Maman Biyu, 'yarki jikinta ya riga ya cika, ga ciwo mai zagayowa, don haka ba zan ce ki jira ta cika 15 ba. Ba na cewa lallai toshewa ce, sai an duba, amma ki kai ta wurin likitan mata cikin makon nan, ko a Barau Dikko ko wani asibitin da ke da sashen mata. Idan fitsari ya fara yi mata wuya, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare ne.

Game da wanzami, ina roƙonki kada a kusance shi. Wani lokaci toshewar ba a bakin take ba, tana can ciki, wani lokaci kuma an haifi yarinya ne ba ta da mahaifa alhali nononta ya fito daidai. Wanda ya yanka bai ga hoto ba yana iya huda mafitsara ko dubura, kuma yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari a ƙasar nan.

Baban Marainiya, Rigasa:
Ku yi haƙuri da shigowar namiji. Mahaifiyar 'yata ta rasu, ni nake kula da ita. Tana shekara 15 amma idan ka gan ta sai ka ce 'yar shekara 10 ce, ga gajarta, ƙirji kuma babu alamar komai, ba ta kuma taɓa ciwon mara ba. An yi mata hoto aka ce mahaifa tana nan amma ƙarama ce, aka ɗebi jini aka auna wani sinadari da aka rubuta FSH a takardar, ya fito sama ƙwarai. Likita ya ce hakan yana nuna ƙwaƙwalwa tana aika saƙo amma ma'ajiyar ƙwai ba ta amsawa, yana kuma zargin larurar Turner, wadda mace ke zuwa duniya da ita. Ya tura mu gwajin ƙwayoyin halitta, ya ce a duba zuciya da ƙoda. Har yanzu muna tara kuɗin gwajin.

Maman Mai Sikila, Kakuri:
Allah Ya buɗa, Malam. Tawa mai sikila ce, sai da ta kusa 16 ta fara, likitanta ma ya riga ya shaida mana cewa ciwon yana jinkirta balaga. Duk da haka ya sa an yi mata hoto da gwajin jini tana 15, ya ce kada a ɗora wa sikila komai ba a duba ba.

Maman Biyu, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa mahaifinta labarin Gwaggon Yara, ya amince mu je ranar Litinin. Surukata dai ba ta gamsu ba, tana tsoron aikin zai taɓa budurcin yarinyar a samu magana lokacin aure. Gwaggo, ku yaya kuka yi da wannan, ko likitar ta ba ku wata takarda da kuka ajiye?