Neman kalmar Hausa: me za mu kira gaɓoɓin SBAR huɗu wajen miƙa aiki?

Malamar Jinya, Kawo: Salamu alaikum. Ɗalibai suna haddace SBAR, wato tsarin ba da rahoton majinyaci a gaɓa huɗu, Situation, Background, Assessment, Recommendation, amma da an zo handoba sai su karanto duk abin da ya faru tun safe bi da bi, abin gaggawar ya zo can ƙarshe. Ina neman kalmomi huɗu da za su zauna musu a baki. Nawa su ne Hali, Asali, Nazari, Shawara. Ga irin rahoton da nake nufi: "Gado na shida, an yi mata aikin haihuwa ƙarfe biyu, ta sha ruwa, jariri ya kama nono, an canja mata auduga, fitsari kaɗan, BP 96/60." Duk gaskiya ne, amma mai karɓar aiki ba za ta gane akwai haɗari ba.

Nas Tudun Wada: Anti, a sa Umarni a ƙarshe mana, sai ya tashi HANU, kamar miƙa hannu. Ba mai mantawa.

Tsohuwar Metiron, Barnawa: Ya yi daɗin faɗa, ɗana, amma nas ba ta ba likita umarni, kuma ƙaramar nas za ta ji nauyin kalmar ta tsallake gaɓar. Hali ma ban so ba, don wata za ta rubuta miki "mai haƙuri ce". A ce Yanayi. Bari in sake wa rahoton nan zubi.

Yanayi: gado na shida, awa shida bayan aiki, BP ɗinta yana sauka, bugun zuciya yana hawa. Jimla ɗaya ta isa, ita ce dalilin da ya sa kike magana.

Asali: haihuwa ta biyar, naƙuda ta yi tsawo shi ya sa aka yi aiki, awon yawan jini, wato PCV, 30 kafin a shiga, tana kan ƙarin ruwa, akwai robar fitsari. Abin da ya shafi matsalar yanzu kawai. Zazzaɓin da ta yi bara ba ya shiga.

Gaɓa ta uku: BP daga 118/76 zuwa 96/60, bugu daga 88 zuwa 112, fitsari mil 60 cikin awa huɗu, alhali ana son aƙalla 30 a kowace awa, auduga biyu sun jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, mahaifa ta yi laushi. Sannan ki faɗi abin da kike gani: "Ina zargin zubar jini ce bayan haihuwa, mahaifa ba ta murɗe ba." Lamba ɗaya tilo ba ta faɗin komai, akwai matan da 96/60 ne jininsu na kullum. Sai an jera na baya da na yanzu, da lokutansu.

Ta huɗu: likita ya zo yanzu, na murza mahaifa, a sa kanula ta biyu, a gwada jini a tanadi leda biyu, awo kowane minti 15.

Sista Ladi, Sabon Tasha: Ranki ya daɗe, a inda na koya, awo yana cikin gaɓar farko ne, ta uku ra'ayin nas ce zalla. Shi ya sa na fi son Fahimta a kan Nazari. Nazari kamar na jarrabawa.

Tsohuwar Metiron, Barnawa: Duka biyun ana koyarwa, takardun asibitoci sun sha bamban a nan. Abin da bai kamata ba shi ne ɗaki ɗaya a rabu, wata ta sa nan wata ta sa can. Fahimta ta fi kusa, don tana tilasta wa yarinya ta ce "ni abin da na fahimta". A nan aka fi faɗuwa, a jera lambobi a yi shiru don tsoron kada a ce ta yi aikin likita.

Abban Ikram: To in aka koma rubuta fayil da Hausa, likitan da ba ya ji fa?

Malamar Jinya, Kawo: Malam, fayil yana nan da Turanci. Wannan na koyarwa ne da maganar baki a gefen gado.

Nas Tudun Wada: Na janye Umarni, amma Shawara ma ta yi sanyi. "A ci gaba da lura" shawara ce ai, kuma ba ta ɗora wa kowa komai. Buƙata ta fi: wa zai yi, me, ƙarfe nawa. Tambayata kuma, majinyata talatin da dare, nas biyu, kowa sai an yi masa gaɓa huɗu?

Tsohuwar Metiron, Barnawa: Wanda ke lafiya lau layi biyu ya ishe shi. Cikakken zubi na wanda ya canja ne, da sabon kwanciya, da wanda ya fito tiyata, kuma da su ake farawa, ba da gado na ɗaya ba. Mai karɓa ta maimaita gaɓar ƙarshe da bakinta. Suna da lambar fayil su zo a gaba, don gado ana canjawa, shi ne harafin da wasu suka ƙara ya zama ISBAR.

Malamar Jinya, Kawo: To mun tsaya a Yanayi, Asali, Fahimta. Ta huɗu zan gwada Shawara da aji ɗaya, Buƙata da ɗayan, in ga wa zai riƙa sa lokaci.

Sista Ladi, Sabon Tasha: Asali ma a sake dubawa, Anti. A Kaduna ka ce asali, wata garinsu za ta faɗa miki.