Me za mu kira aikin da na'ura ke yi in ta ware riga ita kaɗai a hoto?

Mai Hoto, Jekadafari:
Salamu alaikum. Ina da yara uku da nake koya wa gyaran hoto a shagona nan Gombe, kuma akwai kalma biyu da kullum sai in tsaya ina kame-kame a kansu. A allo ana rubuta ta farko `segmentation`, ta biyu `mask`. Mu a baki sagmanteshan muke cewa da mas, yaran su gyaɗa kai, amma in ka duba aikinsu sai ka ga ba su san bambancin ba.

Abin da ya sa na kawo maganar: makon jiya wani ango ya kawo hotonsa na ɗaurin aure, babbar riga farar shadda mai aska takwas, yana tsaye gaban farin bango. Yana son a mai da ita ruwan toka don ta dace da kayan amarya a kalanda. Na ba babban yarona. Ya ja akwati da `Object Selection Tool` na manhajar Photoshop, na'ura ta zagaye rigar, ya zuba launi, ya ce ya gama. Da muka buɗa hoton sosai, agogon ango ya koma ruwan toka, yatsu biyu da ya ɗora a kan rigar su ma haka, zaren aikin wuya ya dushe, sannan ga wani farin zare siriri ya bi gefen kafaɗa tun daga wuya har gwiwar hannu. Na so in ce masa "kaza ɗinka ne bai yi ba", na rasa kazan da Hausa. Ku taimaka mana da suna.

Ɗan Tumfure:
Oga ai cire bango ne. Akwai manhajoji a waya, danna ɗaya su cire maka bayan hoto tas.

Mai Hoto, Jekadafari:
A'a ƙanena. Cire bango yana bar maka mutum ɗungurungum, da fuska da hannu da hula. Ni rigar kaɗai nake so a kama, fuskar ango ko ɗigo kada ya motsa.

Malamin Hausa, Bolari:
Wa alaikumus salam. Asalin kalmar tasu daga yanki take, wato raba abu kashi-kashi. Don haka ina ganin "yayyankawa" ko "rarrabawa" za su ɗauka. Ta biyun kuwa ai mun riga mun sami kalma tun lokacin korona: takunkumi.

Tela, Herwagana:
Malam, a gafarce ni, yanka ban yarda ba. Ni in na sa almakashi a shadda, magana ta ƙare. Wannan kuwa na ga yadda suke yi wa kwastomomina in suna son ganin launi kafin su sayi yadi, ba abin da ake yankewa, in bai yi ba a koma baya. In ka ce wa yaro yanka, gogewa zai yi.

Injiniya, Pantami:
Tela ya faɗi daidai. Malam ma ya kama rabi, don rarrabawar tana nan, sai dai ba hoton ake rabawa ba. Na'ura tana bin ɗigon hoto ne, fiksel, tana yanke wa kowanne hukunci: wannan na riga ne, wannan ba nata ba. Abin da take miƙo maka a ƙarshe wani hoto ne daban mai girman na asali, baƙi da fari kawai. Inda ya yi fari gyara zai ci, inda ya yi baƙi ba zai taɓa ba. To aikin daban, wannan baƙi-da-farin daban, shi ya sa suna biyu muke bukata.

Bari in bi hoton angon, don kurakuran nan ba tushensu ɗaya ba.

Farin zaren kafaɗa tukuna. Na'urorin nan ba sa kallon hoto a cikakken girmansa. Bari in ba da misali da SAM, wata na'urar wannan aiki da kamfanin Meta ya fitar a 2023, don shi na fi sani: yana rage dogon gefen hoto zuwa fiksel 1024, abin da yake fitarwa kuma 256 ne a 256, sannan a buɗa shi ya koma girman hotonka. In tsawon hotonka 4000 ne, kowane ɗigo nasa ya kusa fiksel 16 naka. Kai a allo fiksel biyar ma in suka rage fari a gefen ruwan toka ido zai gani. Ga shi kuma farar shadda gaban farin bango, iyakar ma da ƙyar take nuna kanta. Maganinsa a faɗaɗa zaɓin kaɗan, `Select > Modify > Expand` da fiksel 2 ko 3, a tausasa bakin da `Feather` kamar 1, sannan a bi kafaɗar da burushi a hannu. Kada a zarce, in ka ba shi 10 launin zai haye bango, ka ga ango da inuwar toka a kewaye.

Agogo da yatsu kuwa ba matsalar girma ba ce. Suna kwance ne a tsakiyar riga, na'ura ta ɗauke su nata. Sai ka cire su da kanka, ka riƙe `Alt` ka zagaye su. A SAM ɗigo iri biyu ake sawa, na "wannan" da na "ban da wannan". Kuma in ka danna wuri ɗaya tak yakan ba ka amsa uku, don bai san nufinka ba: aljihun, ko rigar, ko mutumin duka. Zaren aska takwas ma haka za ka tsame shi in ana son ya zauna da launinsa, kuma wannan shi ne mai cin lokaci.

Ni sunan da nake kira: aikin "warewa", abin da ya fito "shaci".

Malamin Hausa, Bolari:
Warewa ta zauna, na janye yayyankawa. Ana ware tsaki daga gari ba a ɓata ko ɗaya ba. Amma shaci ina da ja. Shaci layi ne na gefe, kamar yadda ake shata fili kafin a haƙa tushe. Kai kuma ka ce abin cike yake da fari, har da ramuka a ciki wurin agogo. Sannan kunnen Bahaushe in ya ji shaci, shaci-faɗi yake tunowa. Me ya hana takunkumin?

Injiniya, Pantami:
Takunkumi rufewa yake yi, Malam. A nan kuwa in an ce a sa wa riga mas, rigar ce za a taɓa, sauran ne a rufe. Yaro zai juya abin, kuma wannan kuskure ne da ake yi kullum: ka tarar riga na nan fara, fuska da bango sun canza. In haka ta faru `Ctrl+I` a kan mas ɗin yake juya shi. Marufi ma wannan cikas ɗin gare shi.

Mai Lalle, Kumbiya-kumbiya:
Ku yi haƙuri in sa baki, don abin da kuke kwatantawa shi nake yi kowace rana. Lallen salatif. Ina yanka salatif in manna a ƙafar amarya, in shafa lalle a kai gaba ɗaya. Inda salatif ya rufe ba ya kamawa, inda na bari a buɗe ya kama. In bakin salatif ya ɗaga, lalle ya zurara ƙarƙashi, zanen ya ɓaci. Ko ba shi ne farin zaren kafaɗar ba, sai dai a juye? Ni da salatif za ku ce, kowace mace ta gane.

Amma ga abin da ya kawo ni. Na ba wani mai gyara hoton ƙanwata, leshi ne, muna son a sauya shi ya koma atamfa. Da hoton ya dawo, mayafin da ta yafa a kafaɗa ya ɓace, an zana mata wuya a buɗe da wani gashi da ba nata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban bari ta gani ba. Wannan laifin warewar ne ko na mai gyaran?

Injiniya, Pantami:
Hajiya, na biyun ne, amma mai gyaran ya fi, don bai duba ba kafin ya tura. Akwai masu warewa da aka koya wa sunayen tufafi ƙayyadaddu: rigar sama, siket, wando, doguwar riga, hula, gyale, jaka, gashi. Yawancin hotunan da suka koya da su ba namu ba ne. Babbar riga sukan kira ta doguwar rigar mata, mayafi kuma wani lokaci ya tafi cikin riga, wani lokaci cikin gashi. Wani ma kashi uku kawai ya sani, sama da ƙasa da jiki duka, kamar wanda ake kira da wannan umarni a manhajar cire bango ta rembg:

```
rembg i -m u2net_cloth_seg hoto.jpg riga.png
```

To in mayafi ya faɗa cikin farin, kuma aikin ba sauya launi ba ne, sabon zane ne, an ba na'ura izinin ta goge duk abin da ke wurin ta ƙirƙiro wani. Aka ce mata atamfa, ba a ce mayafi ba, sai ta cike gurbin da abin da ta saba gani. Ni ƙa'idata kafin in zana komai, sai na ga abin da aka ware da idona. A danna `Q`, ja zai rufe duk inda ba a zaɓa ba, a buɗa zuwa kashi 200, a duba wuya, wuyan hannu, tsakanin yatsu, da ɗan ramin da ke tsakanin hannu da jiki. Fata da mayafi da ɗankwali duk su kasance cikin ja.

Tela, Herwagana:
To Injiniya, in mutum na sanye da kaftani ina so in nuna masa yadda babbar riga za ta yi masa fa?

Injiniya, Pantami:
Nan warewa kaɗai ba ta isa ba. Ita siffar kaftanin za ta ba ka, na'ura kuma ba ta zane a wajen farin, sai ka samu babbar riga a matse kamar an ɗinka ta da yadi huɗu. Dole ka ƙara farin da hannu, ka buɗa shi gefe da gefe har inda hannun rigar zai sauka. Sauya launi yana son iyaka daidai bakin yadi, sauya ɗinki yana son fili.

Malamin Hausa, Bolari:
Wannan bayani na ƙarshe ya sa na ɗan sassauta. In ana buɗa shi ana ƙuntata shi kamar fili, shaci bai yi nisa ba. Amma misalin Hajiya ya fi kama hankalina, ko da yake salatif aro ne, kuma shi ma bangaren rufewar yake nunawa. Ko a duba "keɓe": keɓaɓɓen wuri, inda aka keɓe don aiki.

Mai Hoto, Jekadafari:
Na gode muku duka. Yau da safe na gwada a shago. Na ce wa yaron "ware rigar", bai tambaye ni komai ba ya yi. Na ce "shacinka ya ci yatsu", ya je ya cire su. Da na zo bayanin fari da baƙi sai da na kawo lallen salatif, nan take ƙaramin cikinsu ya ce haka yayarsa take yi. Keɓaɓɓen wuri na gwada, ya yi mini tsawo a baki ina tsaka da aiki, amma a rubutu zai iya zama.

Saura guda, Injiniya. Rigar ta koma ruwan toka, amma ƙarƙashin haɓar ango har yanzu akwai hasken farar shaddar da ya haska fatar, kuma wurin ba ya cikin shacin riga. In ware shi daban in rage, ko in bar shi?

Injiniya, Pantami:
Ware shi daban, da burushi mai laushi, ka rage hasken kaɗan kawai. Turo min in gani kafin ka buga kalandar.