Zakkar gwal: ba kuɗin saye ake dubawa ba

Tattaunawar da 'yan kasuwarmu na Agege suka yi kan zakkar sarƙa da awarwaron gwal ta tsaya ne a kan magana ɗaya: kuɗin da aka saya da shi ba ya shiga lissafi, haka ladan ƙira. Ranar da gwal ɗin ya cika shekara a hannu, a lissafin Musulunci, a kai kayan wurin mai gwal ya auna, a tambaye shi nawa zai sayi giram yau. Wannan farashin ake bi.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne karat. Nisabi giram 85 ne na tsantsar gwal, wato karat 24, alhali yawancin na mata 18 ne ko 21 ko 22. A ce Hajiya tana da giram 120 na karat 18. Kashi uku cikin huɗu ne gwal a ciki, giram 90 ke nan, ya haye nisabi. Za ta fitar da ɗaya cikin arba'in, giram 2.25. Idan, a misali kawai, tsantsar giram naira 200,000 ne, zakkarta naira 450,000 ce. Da giram 110 ne kuwa, tsantsarsa 82.5, bai kai ba, sai in tana da kuɗin ajiya da za a haɗa. Duwatsun ado ma a cire nauyinsu.

Wani dattijo ya ja hankali cewa a mazhabar Malikiyya gwal ɗin da mace ke kwalliya da shi babu zakka, Hanafiyya ce ta wajabta. Amma wanda aka ɓoye don ranar buƙata, kamar yadda da yawa ke yi yanzu saboda faɗuwar naira, wannan dukiya ce, a fitar masa.